Yadda ake lallaɓa kumburin dasashi mai tauri da zogi kafin a kai ga likitan haƙori

Idan dasashi ya kumbura a gefen haƙori ɗaya, ka taɓa da harshe ka ji wurin yayi tauri, ga zogi kamar ana buga maka wani abu a ciki daidai da bugun zuciya, to mafi yawan lokuta mugunya ce ke taruwa a gindin haƙorin. Kuma tun daga farko gara in faɗa maka gaskiya, duk abin da zan yi bayani a nan na rage zafi ne da tsare kai daga haɗari na kwana ɗaya zuwa biyu, babu ƙwaya ko jiƙo ko maganin ɗigawa da zai warkar da wannan ciwon, sai an buɗe hanya mugunyar ta fita an kuma gyara haƙorin ko an cire shi.

Dalili kuwa shi ne, a tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Idan kogo ya ci haƙori har ya kai wannan ramin, ko haƙorin ya tsage, ƙwayoyin cuta sai su shiga su kashe jijiyar, daga nan su gangara ta cikin saiwa su fita ta ƙarshenta zuwa cikin ƙashin muƙamuƙi. Ƙashi ba ya miƙewa, shi yasa zafin yake da tsanani haka, mugunya na taruwa ba wurin zuwa. Taurin da kake ji shi ne lokacin da take turo fatar da ta lulluɓe ƙashin, bata riga ta nuna ba. Tunda jijiyar ta mutu jini ba ya shiga cikin haƙorin, to maganin da ka sha shima ba zai shiga can ba, ƙwayoyin cutar na nan zaune a maɓoyarsu. Babu wata tsutsa a ciki, duk wanda yace zai turara maka hayaƙi tsutsa ta faɗo kuɗinka kawai zai ci.

Mataki na farko, ka duba bakin da kyau

Wanke hannu da sabulu, ka tsaya gaban madubi ka kunna fitilar waya. Nemo haƙorin da ke kusa da kumburin, shin yana da kogo, ko tsohon ciko, ko yayi duhu fiye da 'yan uwansa? Ka ɗan ƙwanƙwasa shi a hankali da bayan ƙaramin cokali, ka ƙwanƙwasa na kusa da shi ma don ka gwada. Wanda ke da mugunya a gindi zai amsa nan take, kuma sau da yawa mutum yana jin kamar haƙorin ya fi sauran tsawo, shi ke fara taɓawa in an haɗa baki. Da yawa za su tuna cewa kwanakin baya haƙorin ya dame su da ruwan sanyi ko shayi mai zafi, sai ya daina da kansa suka ce Alhamdulillahi ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu.

Akwai kuma wanda daga dasashin kansa ya taso, wato ɗan ƙashin kifi ko zaren nama ko ɓawon gyaɗa ya maƙale tsakanin haƙori da dasashi, ko mutum dama yana da ciwon dasashi mai jini, wannan kumburin ya fi zama sama kusa da wuyan haƙori kuma haƙorin na iya ɗan girgiɗi. Na uku shi ne na haƙorin ƙarshe na can ciki wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, dasashi ya rufe rabinsa abinci na shiga ƙarƙashi. Duk ukun lallaɓawarsu a gida iri ɗaya ce, aikin likita ne ya bambanta.

Amma in kumburin yana da tauri kamar ƙashi, ya yi makonni ko watanni yana girma a hankali, zafin ba wani sosai ba, haƙora sun fara gocewa daga layinsu ko leɓe ya mutu ba ka jinsa, wannan ba lallai mugunya ba ce, akwai ƙari da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙi, hoto ake buƙata ba maganin zafi ba.

Mataki na biyu, ka tabbatar ba na gaggawa ba ne

Nan ne wurin da nake so a fi natsuwa, domin mutane na raina ciwon haƙori, kuma ciwon haƙori na kisa. Mugunyar haƙoran ƙasa na can baya tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da ƙasan haɓa, wurin ya kumbura yayi tauri kamar katako, ya tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi, kuma wannan na iya faruwa cikin awoyi. Ta haƙoran sama kuma tana iya haurawa wajen ido. Don haka ka gwada waɗannan. Ka buɗe baki ka jera yatsu a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa, mai lafiya yatsu uku ke shiga, in biyu ma sun ƙi shiga akwai matsala. Ka haɗiyi yawu, ya wuce ko yana maƙalewa har yawu na dalala? Ka shafa ƙasan haɓa da gefen wuya, kaluluwa 'yar ƙarama mai motsi ba abin tsoro ba ce, amma kumburi mai faɗi mai tauri da zafi wani abu ne daban. Ka saurari muryarka ko ta canza kamar mai magana da abinci a baki. Ka duba ido ko fatarsa ta kumbura yana neman rufewa. In akwai na'urar auna zafin jiki, 38 ko sama da haka tare da rawar sanyi da kasala alama ce ciwon ya fara bin jiki.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, musamman wahalar numfashi ko haɗiya, kar a jira gari ya waye kuma kar a tsaya kemis, a wuce sashen gaggawa na babban asibiti, kuma a hanya mutum ya zauna a zaune, kar a kwantar da shi rigingine. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi, wanda yake nesa ya je babban asibitin da ya fi kusa da shi su fara abin da za su iya su tura shi gaba.

Mai ciwon suga, mai ciki, mai sikila, mai cutar da ke karya garkuwar jiki, da dattijo mai rauni, su ko ba waɗannan alamomin a ga likita a ranar. Mai suga ya riƙa auna sugansa domin irin wannan ciwon na hauhawar da shi. Ƙaramin yaro kuma, musamman mai tamowa ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, in dasashinsa yayi gyambo yana wari kumatu ya fara kumbura, a yi sauri, cutar noma haka take farawa kuma cikin 'yan kwanaki take cin fuska, akwai asibitinta na musamman a Sakkwato.

Mataki na uku, maganin zafi da ƙa'idarsa

Magunguna biyu ne suka fi aiki a ciwon haƙori kuma duk suna da araha, farasitamol da ibufurofen. Ibufurofen ya fi ƙarfi a nan saboda yana rage kumburi, in aka haɗa su biyun kuwa sun fi kowanne shi kaɗai, kuma babu laifi a haɗa su domin ba iri ɗaya ba ne.

Ga babban mutum mai lafiya wanda nauyinsa ya kai kilo 50, farasitamol miligiram 1000 a sha ɗaya, wato ƙwaya biyu 'yan 500, a bar tazarar awa shida, in ta matsa ƙwarai kar ta gaza awa huɗu, kuma duk tsanani kar a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Wannan iyakar ba wasa ba ce, farasitamol in yayi yawa hanta yake lalatawa kuma ba lallai mutum ya ji komai ba a ranar farko, sai bayan kwana biyu uku ido yayi rawaya. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko yana da ciwon hanta, ko yana shan giya sosai, ƙwaya ɗaya a sha ɗaya har ya tambayi likita. Ibufurofen kuma miligiram 400 duk bayan awa takwas, sau uku kenan a rana, jimla 1200, kuma a kan abinci ko da koko ne ko fura, ba a sha da ciki wayam. A duba bayan katin, akwai 'yan 200 akwai 'yan 400.

Mu ɗauka mutum ɗan shekara 35, nauyinsa kamar kilo 65, ba olsa ba hawan jini, kumburin ya taso masa daren Juma'a a gefen turmin ƙasa na dama mai tsohon kogo, bakinsa na buɗuwa, yana haɗiya lafiya, ba zazzaɓi, kuma likitan haƙorin garinsu sai Litinin. Ranar Asabar ƙarfe 6 na safe ya sha koko ya bi da ibufurofen 400. Ƙarfe 10 farasitamol biyu. Ƙarfe 2 na rana bayan abinci ibufurofen. Ƙarfe 6 na yamma farasitamol biyu. Ƙarfe 10 na dare ya ɗan ci wani abu ya sha ibufurofen na ƙarshe, in zafi ya tashe shi wajen ƙarfe 2 na dare akwai sauran damar farasitamol biyu. Ka ga duk bayan awa huɗu akwai abin da ke shiga, kafin wannan ya sake wancan ya kama, amma a lissafi ibufurofen 1200 ne farasitamol kuma ƙwaya shida, bai kai iyaka ba. Ya riƙa rubuta lokacin a takarda ko a waya, domin mai ciwon haƙori cikin dare ba ya tuna yaushe ya sha na baya, nan ne ake zarcewa. Safe da yamma kuma ya sake gwajin yatsu da haɗiya da shafa ƙasan haɓa. In Lahadi da rana ya ga yatsu biyu sun daina shiga ko zazzaɓi ya rufe shi, maganar jiran Litinin ta ƙare.

Wa zai guji ibufurofen? Mai olsa ko wanda ya taɓa aman jini ko baƙin bahaya, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, mai asma da irin waɗannan magungunan ke tayar masa, da mai ciki. Mai hawan jini da dattijo su tambaya tukuna. Duk wanda aka ce ya guji ibufurofen ya tsaya a farasitamol kaɗai. Wanda yake amai ko gudawa jikinsa ya bushe shima ya bar ibufurofen, ƙoda ce ke shan wahala.

Sai matsalar haɗe-haɗe, wadda ita na fi gani a wajenmu. Mutum ya je kemis a ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala a leda ba suna, ciki akwai dikulofenak akwai firoksikam, ya dawo gida ya ƙara da ibufurofen, maƙwabci ya kawo masa garin Alabukun wanda asfirin ne a ciki. Waɗannan huɗun duk dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara kashe zafi sai dai ya huda ciki ya taɓa ƙoda, ɗaya kawai ake zaɓa. Haka farasitamol yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa da kuma kafso na ciwon jiki, in ka sha su ka ƙara da fanadol ka ninka ba ka sani ba. Ka ce wa mai kemis ya baka a cikin katinsa ka karanta. Tiramol kuwa a bar shi, a ciwon haƙori bai fi wancan haɗin aiki ba, ga jiri ga amai ga sabo.

Yara lissafinsu da nauyi ne. Farasitamol miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk awa shida, kar ya wuce sau huɗu a rana. Yaro mai kilo 20 in ruwan maganin mai 120 ne a kowane mil 5, mil 10 zai sha, miligiram 240 kenan, a auna da murfin awo ko sirinji ba da cokalin kicin ba. Asfirin ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Mataki na huɗu, abin da za a yi wa bakin

Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, ka guntsa ka karkata kai ruwan ya zauna a wurin kamar rabin minti, ka tofar, ka maimaita har kofin ya ƙare. Sau huɗu ko biyar a rana, musamman bayan cin abinci. Kar a daina goge baki don ana jin zafi, a samu buroshi mai laushi a bi wurin a hankali, in akwai abin da ya maƙale a cire da zaren sakace, kar a yi ta tsokana da tsinken ashana.

A waje, ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a naɗe a ƙyalle a ɗora a kumatu minti 15, a huta, a sake. Kar a gasa kumatu da ruwan zafi ko tsumma mai zafi ko a shafa man zafi, na san shi ne abin da iyayenmu suka saba yi wa kumburi, amma a nan zafi na iya ƙara kumburin ya jawo mugunyar ta ɓullo ta fatar fuska ta bar tabo. Wajen kwanciya a ƙara matashi kai ya ɗaga, shi yasa ma zogin ya fi tsanani da dare, in an kwanta jini na ƙara taruwa a wurin. Abinci mai laushi, kunu, fate, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, a tauna ta ɗaya ɓangaren, a sha ruwa sosai, a bar goro da rake da kayan zaƙi da sigari.

Kanumfari yana ɗan kashe zafi da gaske, amma ya fi amfani ga haƙori mai kogo da jijiyarsa ke raye, ga mugunyar da ke cikin ƙashi ba ya kaiwa. In za a sa, ɗigo ɗaya na mansa a 'yar auduga a cikin kogon kawai, in ya zauna a kan dasashi yana ƙona shi, kuma ba a sa wa ƙananan yara.

Abubuwan da ba a yi ko kusa, ɗora ƙwayar asfirin ko garinta a kan dasashi, wurin zai ƙone yayi fari ya saluɓe. Ruwan batir, fetur, kananzir, turare, kanwa, garin taba, duk ƙuna suke ƙarawa a kan ciwo. Kuma don Allah kar a huda da allura ko reza ko a kai wa wanzami ya tsaga, kumburi mai tauri ba abin da zai fito sai jini, an dai buɗe wa wasu ƙwayoyin cutar ƙofa. In ya fashe da kansa za ka ji wani ruwa mai gishiri-gishiri da wari a baki, zafin ya sauka nan take, ka tofar ka kuskure da ruwan gishiri. To a nan ne mutane da yawa ke fasa zuwa asibiti. Bai warke ba, hanya kawai ya samu, zai bar ɗan ƙurji da ke tsatsafo da mugunya lokaci-lokaci yana cin ƙashi a hankali, ranar da ƙurjin ya toshe kuma kumburin ya dawo.

Maganar amoksisilin da filajil

Waɗannan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma kusan kowa su yake fara saya. Likitoci na bada su, amma a lokacin da ciwon ya fara yaɗuwa, fuska ta kumbura ko akwai zazzaɓi, ko mutum garkuwar jikinsa ba ƙarfi, ko ba halin yin aikin nan kusa, kuma na 'yan kwanaki ne tare da aikin ba a madadinsa ba. Su ba maganin zafi ba ne. In ka sha da kanka kumburin zai iya lafawa na wasu makonni ya dawo, ka sake sha ya sake dawowa, a haka har ƙwayoyin cutar su daina jin maganin. In garinku ba likitan haƙori, ka ga likita ko jami'in lafiya na asibitin da ke kusa shi ya yanke hukunci ya rubuta, ka gaya masa in ka taɓa yin ƙaiƙayi ko borin jini ko kumburin fuska bayan shan amoksisilin ko ampikulos ko allurar fenisilin, ka gaya masa in akwai ciki ko shayarwa. Wanda aka ba filajil kar ya sha giya. Kuma ɓare kafso a zuba garin cikin kogon haƙori ba ya komai.

In ka isa wajen likitan haƙori

Ka tafi da katin duk maganin da ka sha da takardar da ka rubuta lokutan, ka ci abinci kafin ka je. Zai duba, ya ƙwanƙwasa, yawanci ya ɗauki ƙaramin hoton haƙorin. Daga nan ɗayan uku ne, ko ya yi allurar kashe zafi ya ɗan tsaga dasashin mugunya ta fita in ta nuna, ko ya huda haƙorin ta sama ya wanke cikin saiwar daga baya a cike ta, wannan shi ke ceton haƙori amma ya fi tsada kuma sai an koma fiye da sau ɗaya, ko kuma ya cire shi in ya riga ya lalace. Ka tambayi kuɗin kowanne kafin a fara, in haƙorin na gaba ne ko turmi mai sauran ƙwari ni dai ina ganin ya cancanci a yi ƙoƙarin ceto shi in da hali.

Zancen da ake cewa ba a cire haƙori sai kumburi ya saɓe, ba doka ba ce, sau da yawa cirewar ce ma ke saɓar da shi, likita ne zai duba ya ga ko baki na buɗuwa kuma allura za ta kama. Cire haƙorin sama ba ya taɓa ido, barin mugunyar ne ke iya kaiwa ga ido. Mai ciki ma ana yi mata aikin haƙori da allurar kashe zafi, ta dai faɗi watannin cikin. Masu cire haƙori a kasuwa kuma a kiyaye su, in saiwa ta karye a ciki ciwon na nan, ga kayan aikin da ba a dafa ba wanda ke iya ɗaukar ciwon hanta daga wani zuwa wani.

Bayan an cire, ka cije audugar da aka sa maka kamar minti 30 zuwa 45, ranar ba kuskure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba shan abu da tsinken zuƙa, ba sigari, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne zai warkar da wurin. Washegari sai ka koma ruwan gishiri a hankali. Zafi da kumburi su fara raguwa cikin kwana biyu zuwa uku, in kuwa a rana ta uku zogin ƙaruwa yake, ko wari ya taso daga ramin, ko zazzaɓi ya zo, ka koma wurin wanda yayi aikin ya sake dubawa.